Me ya sa kodin ke kwantar da wani, ya bar wani yana murƙusun ciwo?

Kodin, a yadda ake haɗiye shi, kusan ba ya kashe ciwo. Sai ya isa hanta tukuna, inda wani sinadari da likitoci ke kira CYP2D6 zai kama kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari nasa ya mayar da shi mofin. Mofin ɗin nan shi ne mai aikin. Shi kuwa sinadarin, umarnin haɗa shi yana rubuce ne a ƙwayoyin halittar da mutum ya gada, kwafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma ba iri guda kowa ya gada ba.

Masana sukan ba kowane kwafi maki. Lafiyayye maki 1 ne. Akwai mai rauni da ake kira *17, wanda ya yawaita a cikin baƙar fatar Afirka, shi rabin maki yake samu. Akwai kuma *4, wanda ya fi yawa a Turawa, ba ya aiki sam, makinsa sifili. Wani ma yakan gaji kwafin a ninke, biyu ko fiye a gefe guda. Sai a tara makin, jimillar ita ke nuna saurin hantar.

A ɗauka mutum uku aka yi wa tiyata iri ɗaya, aka ba kowannensu miligiram 30. Na farko ya gaji lafiyayye ɗaya da *17 ɗaya, jimilla ɗaya da rabi ke nan, maganin zai yi masa aiki yadda aka zata. Na biyu *4 ya gada ta ɓangarorin biyu. Hantarsa ba ta fitar da mofin ɗin a zo a gani, don haka zai kwana yana nishi, kuma ƙarin ƙwaya ba zai amfane shi ba. Irin wannan majinyaci ne ake yawan zalunta da zargin raki ko kwaɗayin ƙwaya, alhali gaskiya yake faɗa. A Turai, mutum 5 zuwa 10 cikin ɗari haka suke.

Na ukun ne abin tsoro. Yana da lafiyayyen kwafi biyu a gefe guda da ɗaya a ɗaya gefen, maki 3, kuma duk abin da ya haura biyu da kwata ana lissafa shi cikin masu saurin wuce kima. Miligiram 30 ɗin nan a jikinsa tamkar an zarce masa awo ne, domin mofin na taruwa a jininsa da sauri. Barci mai nauyi ke fara kama shi, a tashe shi da ƙyar, baƙin idonsa ya tsuke ya koma ɗan ɗigo, numfashi ya riƙa ja baya, wani lokaci da minshari. Masu jinya sukan ce ai ya samu barci, a ƙyale shi ya huta, nan kuwa lokacin kiran likita ne da gaggawa, don akwai allurar naloksan da ke warware aikin mofin. Wani bincike da aka buga a 1996 ya gano ninkakken kwafin a kusan mutum 29 cikin ɗari na Habashawan da aka gwada.

Mutuwar wasu yara bayan an cire musu ƙululun maƙogwaro ce ta sa hukumar magunguna ta Amurka ta yi kakkausan gargaɗi a 2013, sannan a 2017 ta hana ba 'yan ƙasa da shekara 12 kodin da tiramadol, ta kuma gargaɗi masu shayarwa. Tiramadol ya shigo ciki ne saboda sinadarin nan ne shi ma ke fito da ƙarfinsa. Haramcin da Najeriya ta sa wa maganin tari mai kodin a 2018 dalilinsa daban ne, shaye-shaye ne, amma hantar mai shan kwalba ba ta bambanta da ta majinyaci.

Ga wasu magungunan kuma lissafin juyewa yake yi. Amitiriftilin da metofurolol da ƙarfinsu suke shiga jiki, aikin CYP2D6 shi ne ya rushe su. A nan mai sifili ne ke shan wahala, magani ya taru masa, ga jiri, ga bushewar baki ko raguwar bugun zuciya, sai an rage masa awo.

Gwajin kansa ba wuya, jini ko yawu ake ɗiba, kuma sau ɗaya ya isa har ƙarshen rayuwa. Idan ya nuna sifili ko saurin wuce kima, shawarar ƙwararru ita ce a bar kodin baki ɗaya, a koma kan maganin da bai dogara da wannan sinadari ba, ko mofin ɗin kai tsaye a awon da likita ya sani. Sai dai na'urar tana ganin nau'o'in da aka saita ta nema ne kawai, saboda haka gwajin da aka tsara don Turawa yana iya tsallake *17. Kuma magungunan damuwa irin su fuloksetin da faroksetin suna toshe CYP2D6, ta yadda mai maki biyu cif zai koma kamar mai sifili muddin yana shan su, ko me takardar gwajinsa ta ce.