Auna Bambancin Launin Rubutu da na Shimfiɗa a Hoton Allon Manhaja

Ƙugiyar da ke bambanta ɓ, ɗ da ƙ daga b, d da k siririya ce, kuma ita ke fara ɓacewa idan launin rubutu ya yi kusa da na shimfiɗar da ke bayansa. A manhajar ƙamus, wannan na iya sa mai karatu ya ɗauki "baƙi" a matsayin "baki". Saboda haka bai kamata a bar wa ido kaɗai hukuncin launi ba, domin akwai ma'auninsa.

Ƙa'idojin WCAG 2.1, waɗanda ƙungiyar W3C ta fitar a 2018, sun tanadi cewa bambancin haske ya kai 4.5:1 ga rubutu na yau da kullum, ko 3:1 ga manyan haruffa. Matakin da ya fi tsauri yana neman 7:1 ga rubutu na yau da kullum. Ga tsarin lissafin:

```
(L1 + 0.05) / (L2 + 0.05)
```

L1 shi ne hasken launin da ya fi haske, L2 kuma na wanda ya fi duhu. Hasken fari 1 ne, na baƙi 0, don haka sakamako ba ya wuce 21:1.

A ɗauki misalin hoton allo inda aka rubuta ma'anar kalma da ruwan toka a kan fari. Da farko a faɗaɗa hoton har ɗigogin da suka gina shi su bayyana, sannan a ɗauki launi daga tsakiyar sandar harafi mai kauri. Ɗigogin gefe kan yaudari mai aunawa, domin na'ura tana gauraya su da launin shimfiɗa don harafi ya yi sumul. Idan adadin yana sauyawa daga ɗigo zuwa ɗigo, alama ce ta cewa gefe ake taɓawa, ko kuma hoton JPEG ne da matsewa ta gurɓata; PNG ya fi aminci.

Idan rubutun ya ba da `#999999`, shimfiɗa kuma `#FFFFFF`, hasken tokar 0.319 ne. Raba 1.05 da 0.369 yana ba da kusan 2.85:1, wanda bai kai ko ma'aunin manyan haruffa ba.

Gyaran shi ne a ƙara wa tokar duhu. `#777777` yana tsayawa a 4.48:1, wato ya gaza, kuma ƙa'ida ba ta yarda a cike adadin zuwa 4.5 ba. `#767676` yana ba da 4.54:1, `#595959` kuwa 7:1.

Sai dai lissafin launi kawai yake aunawa, ba ya la'akari da sirantar ƙugiya ko alamar karin sauti. Don haka ga rubutun Hausa mai ƙananan haruffa, `#595959` ne ya fi dacewa a ba da shawararsa, sannan a gwada shi a waya cikin hasken rana da kalmomi irin su "ƙasa" da "kasa".