Makunnin da ke tsayar da manhajar ciniki kafin ta cinye jari

A ranar 1 ga Agusta, 2012, da ƙarfe 9:30 na safe aka buɗe kasuwar hannayen jari ta New York. Kafin ƙarfe 10:15, kamfanin Knight Capital, ɗaya daga cikin manyan dillalan hannayen jari a Amurka a lokacin, ya riga ya ɗora wa kansa asarar da ta haura dala miliyan 440. Ba wanda ya yi masa kutse, ba kuma ma'aikacin da ya saci ko kwabo. Manhajar kamfanin ce ta yi ta saye da sayarwa babu ƙaƙƙautawa, injiniyoyi na kallo suna neman inda matsalar take, ba su da wani abu guda da za su danna ta tsaya.

Binciken hukumar kula da kasuwar hannayen jari ta Amurka, SEC, ya fayyace yadda abin ya faru. Kamfanin ya sabunta manhajarsa mai rarraba oda, wadda ke gudana a kan kwamfutoci takwas. An saka sabon tsari a bakwai, aka tsallake ta takwas. A cikin waccan ta takwas akwai wani tsohon tsari mai suna Power Peg da aka daina amfani da shi tun 2003 amma ba a goge ba, kuma sabunta manhajar ya farkar da shi. Aikinsa shi ne ya riƙa aika ƙananan oda har sai an cika babbar odar abokin ciniki. Sai dai tun 2005 an ɗauke sashen da ke ƙirga masa nawa aka riga aka cika. Saboda haka bai taɓa sanin ya gama ba. Oda 212 kacal ta shigo masa, ya haifar da ciniki sama da miliyan 4 a hannayen jarin kamfanoni 154.

Abu biyu a rahoton sun fi tsaya mini a rai. Tun kafin a buɗe kasuwa, tsarin ya aika saƙonnin imel 97 zuwa ga ma'aikata masu ambaton Power Peg, ba wanda ya ɗauki mataki a kansu, domin ba a tsara su a matsayin gargaɗi ba. Sannan da rikicin ya ɓarke, injiniyoyin sun zaci sabon tsarin ne ya lalace, suka cire shi daga kwamfutoci bakwai masu lafiya, sai cutar ta bazu zuwa duka takwas. A 2013 SEC ta ci kamfanin tarar dala miliyan 12, kuma a shekarar ne ya haɗe da kamfanin Getco bayan masu zuba jari sun ceto shi daga durƙushewa.

Yau ba manyan kamfanoni kaɗai ke ciniki da manhaja ba. Matashi mai ɗan ilimin Python yana iya rubuta layuka ɗari biyu, ya haɗa su da asusunsa a dandalin musayar kuɗaɗe ko na kirifto, ya kwanta barci ya bar su suna aiki. Cutar da ta kama Knight ita ce ke jiran irin wannan ƙaramar manhaja: tana aiki da abin da take zaton ya faru, ba da abin da ya faru a kasuwa ba. Makunnin tsayarwa na gari aikinsa ya gano lokacin da waɗannan biyun suka raba hanya, ya kashe komai nan take.

Ga misali mai sauƙi. An tsara manhaja ta sayi hannun jari 100 a kan dala 10 kowanne, wato cinikin dala 1,000. Ta aika oda, ta jira amsa daƙiƙa 5, amsa ba ta zo ba saboda sadarwa ta yi rauni. Mai manhajar ya rubuta mata cewa in ba ta ji amsa ba ta sake aikawa, abin da kowa zai ɗauka hankali ne. Amma odar ta isa kasuwa kuma an cika ta. Amsar ce kawai ta ɓace a hanyar dawowa. In rauni ya ci gaba na minti ɗaya, manhajar za ta aika oda 12. Mutumin da ya yi niyyar cinikin dala 1,000 ya wayi gari da hannun jari 1,200 na dala 12,000, in asusunsa na ba da damar ciniki da bashi, alhali littafin manhajarsa na nuna bai mallaki ko ɗaya ba.

Daga wannan misalin za a gane cewa kurakurai ba ɗaya suke ba. In kasuwa ta ce ta ƙi oda saboda kuɗi bai isa ba, ko ta mayar da lambar `429` mai nufin buƙatu sun yi yawa, an san matsayin da ake: ba a yi ciniki ba. Irin wannan ana iya ƙirga shi, a yi haƙuri da kaɗan. Mai haɗarin shi ne kuskuren da ba a san sakamakonsa ba, kamar ƙarewar lokacin jira ko yankewar layi bayan an aika oda. A nan bai halatta a sake aikawa ba sai an tambayi kasuwa. Shi ya sa ake lanƙaya wa kowace oda lambar shaida ta musamman tun kafin ta fita. Yawancin dandamali suna karɓar wannan lamba, kuma da ita manhaja ke iya tambaya: odata mai lamba kaza, ta iso ko ba ta iso ba?

Ƙirga kuskure yana buƙatar ma'auni biyu. Na farko, kurakurai a jere, misali uku ba tare da nasara ko ɗaya a tsakani ba. Na biyu, yawansu cikin wani lokaci, misali goma cikin daƙiƙa 60. Dalilin na biyun shi ne manhajar da ke faɗuwa sau ɗaya ta yi nasara sau ɗaya ba za ta taɓa kai uku a jere ba, ko da ta wuni a haka. Waɗannan alƙaluma misali ne kawai. Manhajar da ke aika oda biyar a rana ba za ta yi amfani da iyakar mai aika ɗari a minti ba, kuma hanyar zaɓen iyaka ita ce a duba bayanan ranakun da komai ke lafiya, a ga yawan kuskuren da aka saba gani, a ɗora iyaka kaɗan a samansa. In an matse ta da yawa, makunnin zai riƙa tashi ba dalili, mai shi ya gaji ya cire shi.

To amma mu koma ga misalinmu. Iyakar kuskure uku a jere za ta tsayar da manhajar ne bayan ta sayi 300. Ya fi 1,200, amma har yanzu ya ninka abin da ake so sau uku. Kuma a Knight ƙirgen kuskure ba zai yi wani amfani ba, domin kasuwa ba ta ƙin odar, cika su take yi ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa, a ganina, zuciyar makunnin ita ce kwatanta littafi da kasuwa. Kafin kowace sabuwar oda, da kuma duk bayan 'yan daƙiƙu, a tambayi kasuwa nawa asusun ke riƙe da shi, a gwada da abin da manhaja ta rubuta.

```python
if abs(na_kasuwa - na_littafi) > 0 or abs(na_kasuwa) > IYAKA:
    open("TSAYA", "w").write("lissafi bai daidaita ba")
    soke_duk_oda()
    raise SystemExit(1)
```

Da wannan, a misalinmu, tun bayan odar farko za a ga kasuwa ta ce 100, littafi ya ce sifili, a tsaya a wurin. Akwai ɗan jinkiri da ke shiga tsakanin cikar oda da isowar labarinta, don haka kafin yanke hukunci yana da kyau a dakatar da sababbin oda, a sake tambaya bayan daƙiƙa biyu ko uku. In bambancin na nan, a kashe. A kuma lura cewa cika rabin oda ba abin mamaki ba ne. A nemi 100 a samu 40 abu ne na yau da kullum. Abin da ba a zata ba shi ne cinikin da lambarsa ba ta cikin littafi, ko wanda ya wuce yawan da aka nema, ko sayarwa a inda aka nemi saye, ko farashin da ya yi nisa sosai da wanda aka gani lokacin aikawa. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa, ba a jiran na biyu.

Tsarin matakan da ke cikin layukan nan da gangan aka yi shi. An fara rubuta fayil ɗin `TSAYA` kafin komai, saboda mutane da yawa suna saita kwamfuta ta sake tayar da manhaja da zarar ta mutu, misali da `Restart=always` a systemd. In makunnin a ƙwaƙwalwar manhaja kawai yake, tana mutuwa za ta farfaɗo da ƙirge sifili, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Dole abu na farko da za ta yi in ta tashi ya zama duba wannan fayil, in yana nan ta ƙi aiki. Kamar fis ɗin wutar gida ne: in ya ƙone ba ya gyara kansa, sai mutum ya zo ya duba abin da ya ƙona shi.

Bayan soke odar da ke jira, sai tambaya mai wuya: a sayar da abin da aka riga aka riƙe, ko a bar shi? Zuciya na son a sayar da komai nan take, amma makunnin ya tashi ne saboda lissafin manhaja ba abin yarda ba ne. Manhajar da ke zaton tana riƙe da 500 alhali 100 ne, in ta sayar da 500, ta buɗe sabon ciniki na 400 a ɗaya ɓangaren. In har za a rufe ba tare da hannun mutum ba, a yi amfani da alƙaluman kasuwa kawai, da irin odar da dandamali da dama ke kira `reduce-only`, wadda ke iya rage abin da ake riƙe amma ba ta iya ƙara shi. Ga ƙaramin ɗan kasuwa, na fi natsuwa da a soke oda, a bar sauran, a tayar da mai shi da kiran waya ko ƙararrawar da ba ta yin shiru sai an taɓa ta. Imel ba ya tayar da mai barci.

Saura matsala ɗaya da mai aiki daga Kano ko Maraɗi ya fi kowa sani: wuta na ɗaukewa, sadarwa na yankewa. Makunnin da ke cikin kwamfutar da ta mutu ba ya iya soke komai, odar da aka bari kuwa na nan a kasuwa ana iya cika ta. Wasu dandamali sun tanadi magani. A Kraken akwai umarnin `CancelAllOrdersAfter`: manhaja na gaya wa kasuwa cewa in ba ta sake jin ɗuriyarta cikin daƙiƙa 60 ba ta soke duk odarta, sannan ta riƙa sabunta wa'adin duk bayan daƙiƙa 15 ko 30. Inda babu irin wannan, ana ajiye wata ƙaramar manhaja mai gadi a wata kwamfuta dabam, da mabuɗin shiga asusu nata na kanta, aikinta kawai ta lura ta soke. Kada ta dogara da lissafin babbar manhajar, domin in lissafin ya gurɓace za su makance tare.

Kafin a saka kuɗi na gaske, a gwada makunnin a asusun gwaji ta hanyar jawo matsalar da gangan. A cire intanet daidai bayan an aika oda. A shiga asusun da hannu a sayi hannun jari ɗaya ba tare da sanin manhajar ba, a duba agogo a ga daƙiƙa nawa za ta ɗauka kafin ta tsaya. Sannan a kashe kwamfutar a kunna, a tabbatar manhajar ta ƙi tashi har sai an goge fayil ɗin da hannu.