Katse Wuta Kafin a Taɓa Waya: Abin da Ya Faru da Wani Yaron Mai Wayarin

Katse wuta, a wurin masu aikin lantarki, ya wuce danna makunni a ga ƙwai ya mutu. Abin da ake nufi shi ne a raba layin da za a yi aiki a kansa da duk wata hanya da wuta za ta iya biyowa, a kulle wurin yadda wani ba zai mayar ba, sannan a gwada a tabbatar wayar ta mutu kafin hannu ya kai gare ta. Yawancin masu koyon wayarin suna jin wannan bayani tun makon farko, amma kaɗan ne suke ɗaukarsa da gaske sai ranar da wuta ta razana su. Labarin da ke biye misali ne na irin abin da ke faruwa a gidajen da ke da hanyar samun wuta fiye da ɗaya, kuma irin waɗannan gidaje sun yi yawa yanzu a Kano da Kaduna da sauran manyan garuruwa.

Wani saurayi ne da ya yi 'yan watanni yana bin maigidansa aiki. Ya iya fere waya, ya iya ɗaura soket, har hannunsa ya fara faɗawa. Wata rana da hantsi aka kira su wani gida a canza soket ɗin falo da ya ƙone. Maigidan ya fita sayo sabo, ya bar yaron ya kwance tsohon. A lokacin an ɗauke wuta a unguwar tun asuba. Yaron ya dubi fanka a tsaye, ya zura testa cikin soket, bai kama ba, sai ya ga babu dalilin da zai sa ya zagaya bayan matakala neman akwatin bireka. Ya kwance ƙusoshin biyu, ya jawo soket ɗin waje, ya saki wayoyi uku suna lilo da bakinsu a fere.

Abin da bai sani ba, uwargida ta aiki maigadi ya tayar da janareta don a tura ruwa tanki. Maigadi ya ja igiya, ya juya canja-oba, wuta ta shiga gidan gaba ɗaya. A daidai lokacin yaron yana ƙoƙarin miƙe jar wayar da bakin sukundireba. Ƙarfen ya haɗa ta da wayar at, aka ji fas, tartsatsi ya tashi, bireka ta faɗi. Bakin sukundireban ya narke ya yi baƙi, yaron kuwa ya koma da baya ya zauna daɓas, jikinsa na ɓari. Ko ƙwarzane bai yi ba, domin a wannan daƙiƙar yatsunsa na kan robar mariƙi. Jim kaɗan kafin nan da yatsu biyu yake murɗa bakin wayar.

Da maigidan ya dawo bai yi faɗa da yawa ba. Ya karɓi sukundireban ya juya shi, ya ce, «Wa ya ce maka babu wuta?» Yaron ya ce, «Oga, ai an ɗauke, kuma na sa testa.» Ya ce, «An ɗauke da izininka ne? In za a kawo, kai za a tambaya?» A nan kuskuren yake. Testa ta faɗi gaskiya a lokacin da aka sa ta, sai dai ba ta san abin da zai faru bayan minti biyar ba. Layin da wutarsa ta tafi don an ɗauke daga waje yana nan a haɗe, kuma komai na iya raya shi: kamfani ya maido da wuta, wani ya tayar da janareta, ko inbata ta karɓa da kanta ba tare da an ji ko ƙara ba.

Dalilin da ya sa abin ke kisa yana cikin lissafi mai sauƙi. Wutar gida a Najeriya tana zuwa da ƙarfin bolt 230. Jikin mutum, idan fata ta jiƙe da gumi kuma ƙafa tana ƙasa, juriyarsa kan sauko kusan om 1,000. In aka raba 230 da 1,000, wutar da za ta ratsa jiki ta kai miliamfiya 230, wato kusan rubu'in amfiya ɗaya. Mutum yana fara jin wuta tun daga miliamfiya ɗaya. Da ta kai goma zuwa sha biyar, tsokar hannu na iya damƙewa ya kasa sakin wayar, abin da mutane ke cewa wuta ta riƙe shi. Daga hamsin zuwa ɗari kuwa, in ta bi ta ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya har jini ya daina zagayawa.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa game da bireka. Birekar da ke kan layin soket yawanci ta amfiya 20 ce ko 32, kuma aikinta shi ne ta hana waya zafi da gobara. Rubu'in amfiya da ke bi ta jikin mutum bai kai ta ko motsa ba. A labarin nan ta faɗi ne don ƙarfe ya haɗa wayoyi biyu, wuta mai yawa ta kwarara nan take. Da yatsan yaron ne a wurin, da tana nan a tsaye. Akwai wata na'ura daban da ke lura da wutar da ta zurare ƙasa, wadda ake gani da rubutun RCD ko RCCB a jikinta, tana katsewa idan abin da ya zurare ya kai miliamfiya 30. Tana ceton rai, amma gidaje da yawa ba su da ita, kuma ko inda take, ba a dogara da ita a yi aiki a kan waya mai rai.

Maigidan ya kai yaron gaban akwatin ya sa shi ya fara daga farko. Abu na farko shi ne ƙirga hanyoyin wuta a gidan, da ido da kuma tambaya. A wannan gida uku ne: layin kamfani, janareta, da inbata mai batir da faifan sola a saman kwano. Suka sauke babban makunni, suka mayar da canja-oba tsakiya inda ba ta haɗa kowane ɓangare, suka kashe janareta. Daga nan maigidan ya rufe akwatin ya sa kwaɗo, ya miƙa wa yaron makullin ya ce ya jefa a aljihunsa, domin mai hannu a kan waya shi ya kamata ya riƙe makulli. Ya rataya kwali da rubutun cewa ana aiki, kada a kunna, ya kuma faɗa wa maigadi da uwargida baki da baki. A inda akwati ba shi da wurin kwaɗo, masu aiki kan zare fiyus su tafi da shi. Liƙa salatif a kan bireka kawai ba kariya ba ce, don duk wanda zafi ya dama zai ɓare shi.

Sai gwaji, kuma shi ne wurin da ya fi buƙatar natsuwa. Testar da kowane yaro ke maƙalawa a aljihu, mai kama da sukundireba da ɗan ƙwai a ciki, tana aiki ne ta hanyar barin 'yar wuta kaɗan ta bi ta jikin mai riƙe da ita zuwa ƙasa. Saboda haka in mutum yana kan busasshen tsanin katako ko ya sa takalmin roba mai kauri, tana iya yin haske dishi-dishi ko ta ƙi kamawa alhali waya na da rai. A cikin hasken rana ma da ƙyar ake ganin ƙwan. Ga shi kuma in ta lalace ba ta da wata alama. Abin da ya dace shi ne na'urar gwaji mai baki biyu, ko aƙalla mita mai kyau da aka saita a kan awon bolt na wutar gida. Ana fara gwada ta a wurin da aka san akwai wuta, a ga tana karantawa. Sannan a gwada wayoyin bibbiyu: layif da nitiral, layif da at, nitiral da at. Bayan an ga sifili a duka ukun, a sake komawa wurin mai wuta a tabbatar na'urar ba ta mutu a tsakani ba.

Da yaron ya ɗora mita a kan wayoyin soket ɗin falo, sifili ya gani. Maigidan ya ce ya gwada na kusa da talabijin, wanda ke jikin bango ɗaya. Mita ta nuna 228. Babban makunni a sauke, janareta a kashe, amma wannan soket ɗin yana kan layin inbata, wanda wani ma'aikaci ya ja daga baya da nasa ƙaramin akwati a sito. Sai da suka kashe inbatar suka sauke birekar da ke fita daga gare ta sannan ya mutu. Shi kuwa faifan sola, muddin rana na dukansa yana ba da wuta, don haka wayoyin da ke saukowa daga kwano suna da rai ko an kashe komai a ƙasa.

Gwada wayoyin bibbiyu yana da wani amfani. Launin waya alkawari ne kawai na wanda ya yi aikin farko. A tsohon tsari ja ce layif, baƙa ce nitiral, koriya ce at. A sabon tsari ruwan ƙasa ce layif, shuɗiya nitiral, mai kore da rawaya at. Amma ana samun gidan da aka juya su, aka ɗora makunni a kan nitiral. A irin wannan gida ana kashe makunni ƙwai ya mutu, alhali wuta na zaune a cikin mazaunin ƙwan tana jiran mai canza shi. Ana kuma samun layi biyu da aka haɗa musu nitiral ɗaya don tsimin waya, ta yadda idan aka kashe ɗaya aka kwance nitiral ɗin, wutar ɗayan za ta bayyana a bakinta. Injin tura ruwa da na'urar sanyaya ɗaki kuma suna da kafasita, wadda kan riƙe caji na ɗan lokaci bayan an katse wuta, sai an sauke shi kafin a taɓa.

Duk wannan bai ɗauke su fiye da 'yan mintuna ba. Yaron ya ɗaura sabon soket, ya ɗaure ƙusoshi, ya mayar da murfi, sannan ya ciro makulli ya buɗe kwaɗon. Maigidan ya sa shi ya leƙa kowane ɗaki ya tabbatar babu waya a buɗe kuma babu mai hannu a kan wani abu kafin ya ɗaga makunni. Ya kuma gaya masa abin da zai yi in wata rana ya ga wuta ta riƙe abokin aiki: kada ya kama shi da hannu, ya fara katse wutar, in ba ta katsuwa da sauri ya ture shi da busasshiyar sanda, sannan a kai shi asibiti ko da ya miƙe yana cewa lafiya lau yake, domin rikicewar bugun zuciya da ƙunar cikin jiki ba sa nunawa a fata. Kafin su bar gidan, yaron ya rubuta a jikin murfin akwatin layin da kowace bireka ke riƙe da shi, ya ƙara da cewa soket ɗin talabijin yana kan inbata, akwatinsa yana sito.