Tirelar da ta iso daren 31 ga Disamba

A ce wani dillalin shinkafa a kasuwar Singa ta Kano yana rufe lissafin shekara ranar 31 ga Disamba. Da yammacin ranar tirela ta sauke masa buhu 600, yaransa suka ƙirga su tare da sauran kayan sito. Takardar kuɗin kayan kuwa ba ta iso wurin akanta ba sai 3 ga Janairu, shi kuma ya shigar da ita a sabuwar shekara. Idan an sayi kowane buhu naira 60,000, ga kayan naira miliyan 36 a sito, amma littafi bai nuna an saye su ba, bai kuma nuna bashinsu ba. Ribar shekara ta kumbura da miliyan 36 ke nan, alhali ba wanda ya yi sata.

Irin wannan ne odita, wato mai binciken lissafi, yake farauta, kuma maganinsa shi ne a shata iyakar shekara tun kafin a fara ƙirga. A rubuta lambar takardar karɓar kaya ta ƙarshe da lambar takardar fitar da kaya ta ƙarshe. Duk abin da aka karɓa zuwa wannan lamba na bana ne: a ƙirga shi, a shigar da sayensa ko da takardar kuɗinsa ba ta iso ba. Abin da ya zo bayan haka a ajiye shi gefe, kada a ƙirga. Haka ma kayan da aka riga aka sayar amma mai su bai kwashe ba, a liƙa musu alama. In so samu ne, a dakatar da lodi da saukewa har a gama. Odita zai ɗauki takardu kaɗan kafin lambar da bayanta, ya duba shekarar da aka shigar da kowace.

Su takardun ƙidayar, a buga musu lamba a jere, a rubuta wanda aka ba kowace. In an raba 40, to 40 za su dawo, har da waɗanda aka ɓata. Kowane layi ya nuna sunan kaya, inda yake a sito, da ma'auninsa, don buhu mai kilo 50 daban, mai kilo 25 daban. Wanda ya jiƙe ko ɓera ya huda, layinsa daban. Kada a rubuta adadin da ke littafi a kan takardar, domin wanda ya ga 480 idonsa 480 zai gani. Mutum biyu ke ƙirgawa, ɗaya ba ɗan sito ba, su rubuta da biro, su sa hannu. In an yi kuskure a ja layi ɗaya, a sa hannu a gefe.

Odita zai zaɓi layi a takarda ya je ya ƙirga kayan da kansa, sannan ya zaɓi tarin buhu a sito ya nemo shi a takarda. Na farkon yana tona ƙari, na biyun yana tona abin da aka tsallake. Mai sito, ka shirya takardunka mako guda kafin ranar, ka aika wa odita ƙa'idojin ƙidayar a rubuce.