Yadda ake rarraba dogon karatu zuwa babi-babi

A zamanin kaset, tsawon zaren kaset ne yake yanke wa malami magana. Kaset mai minti 90 yana ɗaukar minti 45 a kowane gefe, kuma da zaren ya ƙare sai magana ta tsaya, ko da malam yana tsakiyar hadisi. Waɗanda suka tara kasusuwan tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi na Masallacin Sultan Bello a Kaduna sun san wannan. Yau karatu yana zuwa a fayil guda, awa ɗaya da rabi ko biyu, a katin waya ko ta WhatsApp. Babu abin da ya yanke, amma wanda yake neman hukuncin azumin matafiyi sai ya yi ta jan ɗan layin nan gaba da baya har ya haƙura. Maganin wannan shi ne a rarraba karatun zuwa gajerun babi masu suna, kuma mafi wuyar aikin shi ne sanin inda za a yanka.

Mu ɗauki zaman tafsiri na minti 90 a kan ayoyin azumi, Suratul Baƙara aya ta 183 zuwa ta 187. Akwai manhajojin da za su datsa shi gida shida, minti 15 kowanne, cikin ƙiftawar ido. Ban ba kowa shawarar haka ba, domin agogo bai san inda mas'ala ta ƙare ba. Sai an zauna an saurari karatun daga farko har ƙarshe da takarda da biro, ana rubuta minti da daƙiƙar da magana ta juya. Ana iya ƙara saurin sauraro kaɗan don rage lokaci, amma ba a tsallakewa.

Tafsiri yana da sauƙin rabo fiye da lacca, domin alaramma mai jan baƙi yana nuna gaɓoɓin da kansa. Duk inda ya ɗauko sabuwar aya, ƙofar babi ce. A zamanmu na misali, buɗewa da sanarwa za su iya cin minti 6 da daƙiƙa 40. Daga nan zuwa minti 24 bayanin farlanta azumi ne a aya ta 183. Sai rangwamen mara lafiya da matafiyi da zancen ciyarwa, sai falalar watan Ramadan, sai ayar addu'a ta 186, sai aya ta 187 mai bayanin daren azumi, iyakar sahur da i'itikafi, sannan tambayoyi. Babi bakwai ke nan, wani minti 7, wani ya haura 20. Wannan rashin daidaito ba aibi ba ne. Sai dai idan babi ya wuce minti 25, a duba ko mas'ala biyu ce aka haɗe.

Wurin yankan kansa yana son natsuwa. A yanka kafin mai jan baƙi ya fara, a cikin ɗan shirun da ke tsakanin kalmar ƙarshe ta malam da farkon karatu, a bar kamar rabin daƙiƙa na shiru a farkon sabon babin don kada harafin farko ya gutsure. Kada a raba aya da fassararta, kada kuma a raba tambaya da amsarta. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wurin da malam yake kawo ra'ayin wasu kafin ya warware shi. Zai ce “wasu suna cewa”, ya shimfiɗa hujjarsu minti uku, sannan ya ce “amma abin da ya inganta”. Idan wuƙa ta faɗa tsakanin waɗannan biyu, an fitar da guntun da malam yake faɗin abin da bai yarda da shi ba, da muryarsa, kuma guntun zai yi yawo a wayoyin jama'a shi kaɗai. Duk mai yanka ya ƙaddara cewa kowane babi za a tura shi ga wanda bai ji na gabansa ba, ba kuma zai ji na bayansa ba.

Aikin na'ura gajere ne. A kwamfuta, manhajar Audacity kyauta ce. Idan an buɗe fayil ɗin za a ga zanen sauti, inda shiru yake fitowa kamar siririn zare, don haka ido ma yana taimakon kunne. A danna wurin yanka, a latsa `Ctrl+B`, a rubuta sunan babin. Bayan an sa dukkan alamomin sai a fitar da su lokaci guda: a tsofaffin nau'o'in manhajar ta `Export Multiple`, a sababbi kuma ta `Export Audio` tare da zaɓin `Multiple Files` da `Labels`. A tabbata akwai alama a daƙiƙar farko, in ba haka ba buɗewar tana iya salwanta.

Audacity tana sake matse MP3 yayin fitarwa, kuma kowace matsa tana rage ingancin murya. Idan rikodin ɗin dama daga tsohon kaset aka juyo shi, za a ji muryar ta ƙara dushewa. Wanda ya iya rubuta umarni zai iya yanka da ffmpeg ba tare da sake matsawa ba:

```
ffmpeg -i tafsiri.mp3 -ss 00:06:40 -to 00:24:00 -c copy "02 Farlanta azumi.mp3"
```

Ga lissafin data kuma: murya a 64 kbps tana cin kusan MB 29 a awa, wato zaman minti 90 ya kai MB 43, babin minti 15 kuwa MB 7 ne da ɗoriya.

Sunan babi ya faɗi abin da ke ciki, ba ƙari. “03 Baƙara 184 Azumin mara lafiya da matafiyi” ya wadatar. Sunaye irin su “Malam ya fasa ƙwai” suna jawo masu dannawa, amma ba sa taimakon mai neman mas'ala, kuma suna ɗora wa malam niyyar da bai yi ba. Lambar ta zo a farko da sifili, 01, 02, domin na'urori da yawa suna sa 10 gaban 2. Alamomi kamar `:` da `?` da `/` ba sa shiga sunan fayil a katin waya. Ƙananan rediyoyi masu karɓar kati kuma wasunsu ba sa nuna ƙ da ɗ da ɓ, wasu ma suna kunna fayiloli bisa jerin da aka kwafe su, don haka a kwafe su ɗaya bayan ɗaya daga na farko. Sunan malam, wurin karatu da shekara a sa su a bayanan cikin fayil, a gurbin `Artist` da `Album`, saboda sunan fayil yakan canja idan an yi ta turawa.

Kafin a saki, a saurari daƙiƙa 10 na farko da 10 na ƙarshe a kowane babi, sannan a tara tsawonsu. Idan jimillar ba ta kai minti 90 ba, wani yanki ya faɗi a hanya. Idan ta wuce, an maimaita wani. Cikakken fayil na asali a ajiye shi yadda yake, don ranar da wani zai zo da guntu yana cewa ga abin da malam ya faɗa.