Tambayoyin da ke Jiran Mai Kare Kundin Binciken Asibiti

Likitan da ke neman zama ƙwararre a Nijeriya sai ya rubuta kundi ya kare shi a zango na biyu na jarrabawarsa, ko a Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko a ɗaya daga cikin kwalejojin Afirka ta Yamma. Mai digiri na biyu a fannin lafiya ma haka yake zama gaban malamai, cikinsu har da wanda aka gayyato daga wata jami'a. Da yawa kan kwana suna haddace alƙaluman sakamako, alhali mai jarrabawa ya riga ya karanta su. Abin da yake farauta shi ne wurin da ɗalibi ya faɗi abin da ya fi ƙarfin hanyar da ya bi. Duk wanda ya gano waɗannan wurare a kundinsa, ya san yawancin tambayoyin tun kafin ranar.

A ƙaddara wata likita ta binciki ƙarancin jini a tsakanin mata masu zuwa awon ciki a wani asibitin koyarwa na arewacin Nijeriya, ta ɗebi jininsu sau ɗaya kowacce, daga Janairu zuwa Afrilu. Tambayar farko kusan kullum ita ce: "Ta yaya kika kai ga wannan adadi?" Yawancin ɗalibai da wannan ƙa'ida suke lissafi:

```
n = Z²p(1 − p) / d²
```

Idan Z ya zama 1.96, p ya zama 0.5, d kuma 0.05, amsar ita ce 384. Idan aka yi tanadin cewa ɗaya cikin goma ba za ta amsa ba, sai a raba da 0.9 a samu 427. Dole ta iya faɗin ma'anar kowane harafi da bakinta: p hasashen yawan masu ciwon ne, kuma an ɗauki rabi saboda shi ke ba da adadi mafi girma, d kuwa kuskuren da ta yarda da shi ne, kashi 5 sama ko ƙasa. Idan daga wani tsohon bincike ta aro p, ta shirya bayanin dalilin da ya sa matan can suka yi kama da nata.

Wannan da sauƙi. Tarkon yana gaba. Ƙa'idar nan an gina ta ne don amsa tambaya guda: mata nawa cikin ɗari ke da ƙarancin jini? Amma kundin yakan ƙara manufa ta biyu, wato gano abubuwan da ke da alaƙa da ciwon, kuma babu wanda ya yi wa wannan manufa lissafi. A ce cikin mata 427 ɗin, 400 ne sakamakonsu ya cika, 220 na da ƙarancin jini, wato kashi 55, kuma gaskiyar na tsakanin kusan 50 da 60. Nan ba gardama. To amma mata 30 kacal aka samu da ƙwayar maleriya a jininsu. Ashirin daga cikinsu na da ƙarancin jini, kashi 67 ke nan, a sauran 370 kuwa mata 200 ne, kashi 54. Kwamfuta ta ba da P kusan 0.18, sai likitar ta rubuta cewa babu alaƙa tsakanin maleriya da ƙarancin jini.

Nan mai jarrabawa zai gyara zama. Bambancin maki 13 ba ƙaramin abu ba ne a asibiti, kuma da mata 30 kawai, tazarar da gaskiya za ta iya faɗawa ta tashi daga kusan maki 5 ƙasa da sifiri har zuwa 30. Ma'ana, mai yiwuwa babu bambanci, mai yiwuwa kuma bambancin babba ne. Binciken bai da ƙarfin raba gardama. Amsar da ta dace ita ce: "Ranka ya daɗe, an lissafa adadin ne don auna yawan ciwon. Masu maleriya sun yi kaɗan, don haka ban ce babu alaƙa ba, na ce ban iya tabbatar da ita ba." Gara ma ta gyara jimlar a kundin tun kafin ta miƙa shi.

Daga nan za a tambaye ta me ya sa masu maleriyar suka yi kaɗan, kuma amsar na cikin watannin da ta zaɓa. A arewacin Nijeriya maleriya tana tsananta ne da damina zuwa farkon kaka, ita kuwa da rani ta yi aikinta. Ga shi kuma a wurin awo ana ba mata maganin rigakafin maleriya da ƙwayoyin ƙara jini, don haka sai ta faɗi ko a zuwan farko ta ɗebi jinin, ko bayan mace ta yi wata biyu tana shan magani. Haka ma'aunin: an daɗe ana ɗaukar himogulobin ƙasa da giram 11 a kowace desilita a matsayin ƙarancin jini ga mai ciki, amma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 10.5 ga watanni uku na tsakiya, saboda ruwan jini na ƙaruwa a lokacin. Idan 11 ta yi amfani da shi ga kowa, ta lissafa wasu lafiyayyu cikin marasa lafiya.

A nan ne shafin iyakokin bincike ke tona asiri. An saba rubuta jimla ɗaya a wuce: an yi binciken a asibiti, don haka ba zai wakilci al'umma ba. Gaskiya ne, amma mai jarrabawa zai ce: "To ta wane ɓangare ya karkatar da sakamakon?" A ganina wannan ce tambayar da ta fi bambance wanda ya fahimci aikinsa da wanda ya kwafo salon magabata. Asibitin koyarwa yana karɓar matan birni masu halin biyan kuɗin gwaji, wanda zai iya sa adadin ya yi ƙasa da na ƙauye. Yana kuma karɓar waɗanda ƙananan asibitoci suka turo saboda matsala, wanda zai iya ɗaga adadin. Sai ta duba bayananta ta ga mata nawa aka turo, ta sake lissafi ba tare da su ba, ta shiga ɗakin da amsar a hannu. Mata 27 ɗin da suka ɓace daga lissafi ma a san labarinsu: idan waɗanda jikinsu ya yi tsanani har aka kwantar ne, kashi 55 ya yi ƙasa da gaskiya.

Sai batun kalmomi. Binciken da ya auna komai a lokaci guda ba ya nuna abin da ya riga wani. Idan aka ga masu shan ƙwayoyin ƙara jini sun fi yawan ƙarancin jini, ba ƙwayoyin ne suka jawo ba; an rubuta musu ne don an ga jininsu ya yi ƙasa. Ta bi babin ƙarshe da jan biro, duk inda ta rubuta "yana haddasa" ta tambayi kanta ko "yana da alaƙa da" ne iyakar abin da ta gani.

Hanyar atisaye mafi amfani ita ce ta ɗauko STROBE, jerin abubuwa 22 da aka fitar a 2007 don rubuta rahoton irin wannan bincike, ta mai da kowane abu tambaya. Ta ba wani abokin aiki da bai san aikin ba ya yi mata su da murya, ita kuma ta amsa ba tare da buɗe kundin ba, sai dai ta ambaci shafi. Inda ta tsaya tana kame-kame, ta koma ga malamin da ke duba aikin tun da sauran lokaci, musamman idan wani ne ya yi mata lissafin a SPSS, domin a ɗakin ita za a tambaya dalilin zaɓen kowane gwaji.