Lissafin Da Ya Kamata A Yi Kafin A Karɓi Makullin Mota

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Kano, ta ƙetare gadar Wudil, ta nufo Gaya, ko kuwa ya ratsa unguwannin Gaya da Ajingi da idon basira, ba zai rasa ganin mota a ƙofar wani gida an lulluɓe ta da tamfol ba, tayoyinta sun sace, kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. In kuwa ya bincika, galibi zai tarar ba haɗari ta yi ba, ba kuma injinta ne ya mutu ba, illa iyaka mai ita ya ƙarar da duk abin da ya mallaka a ranar ciniki, bai bar wa kwanakin da suka biyo baya ko sisin kwabo ba. Iyayenmu da suka riƙe dawaki sun san cewa kuɗin doki shi ne mafi sauƙin al'amarinsa, domin sau ɗaya ake biyansa, amma harawa da dawa da kanwa kullum ne, ko an hau ko ba a hau ba. To, haka mota take, sai dai ita abincinta ba a nome shi a gona.

Abin da nake nufin in bayyana shi ne, farashin motar da mutum zai saya ba shi ne farkon lissafi ba, shi ne ƙarshensa, wato abin da ya rage bayan an ware haƙƙin sauran abubuwa. Kuma mafi girman waɗannan abubuwa a zamaninmu shi ne man fetur. Kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, sa'ad da Shugaba Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafi, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Cikin 'yan kwanaki ta haye 500, kafin kuwa shekarar 2024 ta ƙare ta wuce 1,000 a gidajen mai da yawa na Arewa. Saboda haka shawarar da wani dattijo zai ba ka bisa ga yadda ya riƙe motarsa a da, ko da yake da kyakkyawar niyya ya ba da ita, ba ta hukunta halin da ake ciki yanzu.

Mu ɗauki misalin wani malami mazaunin Gaya, wanda hidimarsa takan kai shi birnin Kano sau ɗaya a mako. Tsakanin Gaya da Kano akwai kimanin kilomita 65, zuwa da dawowa 130, in aka haɗa da zirga-zirgar cikin birni a ce 150. Sau huɗu a wata ya zama 600. Sai a ƙara masa 200 na zuwa wurin aiki, da gona, da ziyarar dangi a Ajingi, da kasuwar Wudil ran Juma'a, jimla kilomita 800 ke nan a wata. Tsohuwar mota mai silinda huɗu, irin su Golf da Corolla da Civic da suka cika hanyoyinmu, in tana cikin ƙoshin lafiya takan yi wajen kilomita 10 da lita guda, don haka malamin nan yana bukatar lita 80. In muka ƙaddara lita a kan naira 1,000 domin sauƙin lissafi (mai karatu ya musanya da farashin da ya gani a gidan mai ranar da yake nasa lissafin), man wata guda ya kama naira 80,000, alhali kuwa mafi ƙarancin albashin da Gwamnatin Jihar Kano ta amince da shi a 2024 naira 71,000 ne. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya dakata ya yi nazari.

Dillali zai rantse maka cewa motar ba ta shan mai, sai dai ta sansana; kada ka ƙaryata shi, amma kada ka gina hukunci a kan maganarsa, tun da akwai hanyar tabbatarwa mai sauƙi. A cika tanki har famfo ya tsaya, a rubuta adadin da agogon tafiya ya nuna, a je Kano a dawo, a sake cikawa a famfo ɗaya, sa'an nan a raba kilomitocin da aka yi da litocin da suka shiga a karo na biyu. In amsar ta faɗo ƙasa zuwa 6 ko 7 a ƙaramar mota bisa kwalta, akwai illa a wani wuri: ko filogi sun gaji, ko matatar iska ta toshe da ƙura, ko kuwa wani bakanike ya cire abin da ke daidaita zafin injin ya haɗa fanka kai tsaye, al'adar da ta zama ruwan dare a garejojinmu da sunan maganin zafi, wadda ke hana injin kaiwa ga ɗumin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, sai ya riƙa zuƙar mai fiye da ƙima. Wanda mai mota bai yarje masa wannan gwaji kafin biya ba, aƙalla ya tafi da nasa bakaniken, ba na mai sayarwa ba.

Batun inshora kuwa kuɗinsa kaɗan ne, amma jahiltarsa tana da tsada. Doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, kuma tun daga 1 ga Janairu, 2023, hukumar NAICOM ta mai da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, maimakon 5,000 na da, ta kuma ɗaga iyakar abin da za a biya na dukiyar da aka lalata zuwa naira miliyan 3. Wajibi ne a fahimci haddinta: ba ta gyara motarka, ba ta mayar maka da ita in an sace ko ta ƙone, haƙƙin wancan mutumin kaɗai take ɗauke maka. Mai son a biya shi tasa asarar sai ya yi cikakkiyar inshora, wadda ba ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar, wato naira 200,000 a shekara ga motar miliyan 4. Musibar da ta fi yawa ita ce takardar jabu, wadda ake cusa wa mutum a cikin sauran takardu a farashi mai rahusa, yana nuna ta a shingen hanya shekara da shekaru, sai ranar da ya buge motar wani ya gane babu kamfanin da ya san da zamansa. Ana iya bincikawa ta waya da danna *565*11# a shigar da lambar motar. Wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu da inshorar da aka saba ba saboda shubuhar riba da garari, akwai kamfanonin takaful masu lasin, irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful, waɗanda aka gina bisa ta'awuni, kuma takardarsu karɓaɓɓiya ce a wurin hukuma.

Saura kula da lafiyar motar, inda mafi yawan masu sabon hannu suke ruɗar kansu, domin kuɗinsa ba ya zuwa a jere kamar na mai, yakan yi shiru wata uku sa'an nan ya faɗo gaba ɗaya. Malaminmu yana yin kilomita 9,600 a shekara, kuma bisa ƙa'idar juye baƙin mai a kowace 5,000 sau biyu ya ishe shi. Amma wanda yake sauka daga kwalta yana shiga burji da yashin ƙauyukan Ajingi, ga ƙurar hunturu, ga kwazazzabon damina masu cin shakazoba da bushi, gara ya lissafa sau uku. Mu ƙaddara kowane juye da matatarsa a kan 30,000, ya zama 90,000. Tayoyi huɗu, in a ce 240,000 ne kuma za su yi shekara uku, rabon kowace shekara 80,000. Batir mai shekara biyu a ba shi 45,000. Birki da ƙafafu da abin da ba a zata ba a ware musu 200,000. Inshora da sabunta takardu 40,000. Waɗannan adadi na misali ne, ainihin farashin yana bakin 'yan kasuwar Ƙofar Ruwa. Idan aka haɗa su da man shekara, wato 960,000, jimla ta kama naira 1,415,000, kusan 118,000 ke nan a kowane wata. Ma'ana tafiyar nan ta Kano da yake ɗauka ta man 15,000 ce, haƙiƙaninta ta 22,000 ce.

A nan ne mutum zai auna wannan adadi da abin da yake samu bayan ya fitar da nafaƙar iyali, da kuɗin makaranta, da na taki, domin waɗannan wajibai ne, mota kuwa, in ba da ita ake neman abinci ba, ba ta wuce matsayin bukata ba, kuma ba a tauye wajibi saboda ita. Manomi da ɗan kasuwar hatsi suna da wata matsala ta daban wadda ma'aikaci ba shi da ita: kuɗinsu da kaka yake zuwa, sa'ad da aka sayar da gyaɗa da wake da riɗi, a lokacin ne kuma sha'awar mota take motsawa, amma motar ba ta san bazara ba, ba ta san watan da rumbu ya yi ƙasa kuma gona take neman 'yan ƙwadago ba. Irin wannan mutum ba da wata zai yi lissafinsa ba, da shekara zai yi, ya ajiye kason motar tun da kaka.

Yanzu a ce malamin nan ya tara naira miliyan 5. Kuskure ne ya nemi motar miliyan 5. Ya fara cire kimanin 200,000 na la'adar dillali da canjin suna da lamba da inshora. Ya cire 500,000 na gyaran farko, gama motar hannu ba a amince wa tarihinta, sai an juye mata mai, an duba birki, an sake bel ɗin injin in mai bel ce, tun da tsinkewarsa a kan tafiya yana iya lalata injin a motoci da yawa. Ya cire 300,000 ya ɓoye domin ranar tsautsayi. Ya kuma ware man wata uku, 240,000. Abin da ya rage, 3,760,000, shi ne farashin motarsa, kuma da wannan adadin zai shiga wurin masu sayarwa, ba tare da ya ambata musu sauran ba.

Akwai abu biyu da za su iya rushe wannan lissafi tun a ranar farko, kuma duka ana ganinsu da ido. Na ɗaya takardar kwastan: motar da aka shigo da ita ta bayan fage ba a biya mata haraji ba takan yi arha mai jan hankali, amma ana iya kama ta a hanya, a nemi kuɗin da ya ninka rangwamen da aka samu, don haka a gwada lambar jikin motar da wadda ke cikin takardar, harafi da harafi. Na biyu tayoyi: a gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2319 ke nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta tsufa takan fashe a zafin kwaltar Afrilu ko da zanenta bai goge ba, kuma in huɗun duka sun kwana biyu, sai a cire kuɗin sababbi daga farashin tun ana kan ciniki, kafin a ce an sallama.